Aikin rukuni a makarantunmu: A daina bai wa mai aiki da ɗan kallo maki ɗaya

A hutun da ya wuce wata ƙanwata ta dawo gida Gaya ranta a ɓace. Su biyar aka haɗa aikin rukuni a makarantar da take karatu. Ita da wata ƙawarta suka yi zirga-zirgar tattara bayanai, suka rubuta, suka gyara. Wani daga cikinsu sau ɗaya ta gan shi, ranar da za a sa hannu a bangon rahoton. Da sakamako ya fito, duk su biyar maki ɗaya suka samu.

Ta ce da ni, "Yaya, wallahi in aka sake haɗa mu, ni ma zama zan yi. Wa ya ga na yi, wa ya ga ban yi ba?"

Wannan maganar tata ta fi makin damuna. Na san ta, domin ni ma na faɗe ta lokacin da nake karatun babbar difloma. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗalibin da ya sha wannan sau biyu, darasin da yake ɗauka shi ne ƙoƙari wauta ne.

Ra'ayina shi ne, duk inda aikin rukuni yake da maki mai nauyi, bai kamata malami ya rubuta lamba ɗaya a gaban sunaye biyar ba. Ya ba aikin makinsa, sannan ya tambayi 'yan rukunin a asirce yadda kowa ya yi, ya yi amfani da amsarsu ya ɗaga wa wasu, ya rage wa wasu. Akwai hanyar lissafin da aka daɗe ana amfani da ita a wasu ƙasashe, kuma ba ta buƙatar komai sai takarda da biro. Tana da haɗarinta, zan kuma faɗe shi ba ɓoye-ɓoye.

Abin da gayya ta sani

Duk wanda ya tashi a karkarar Gaya ko Ajingi ya san aikin gayya. Matasa ashirin za su shiga gonar mutum ɗaya, kafin la'asar an gama noman da zai ɗauke shi mako biyu. Abin lura shi ne, a gayya kowa da kunyarsa. An jeru, an tashi tare, kuma idon kowa yana ganin wanda ya kai bakin gona da wanda aka bari a tsakiya. Raggo ba shi da wurin ɓuya, shi ya sa ma ba ya ragwanci a ranar.

Aikin rukuni na makaranta gayya ce da aka share kunyoyinta. Malami rahoto kawai yake gani, mai bango da sunaye. Ba ya ganin wanda ya rubuta babi na uku, ba ya ganin wanda ya kashe wayarsa mako huɗu.

Masana sun auna wannan hali tun da daɗewa. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, kowa shi kaɗai, sannan a rukuni. A rahoton da ya wallafa a 1913 ya nuna cewa idan mutum takwas suka ja tare, ƙarfin da ke fitowa kusan rabin abin da za a samu ne in an tara ƙarfin kowannensu daban. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Latané da Williams da Harkins, sun gwada da ihu da tafi, suka ga mutum yana rage ƙoƙari idan yana cikin taro. Da suka sake gwaji a 1981, suka sa wa kowa makirufonsa, suka gaya masa ana jin muryarsa ita kaɗai, sai ragwancin ya gushe.

Ke nan maganin shi ne a mayar wa kowa kunyarsa. Tambayar ita ce, wa ya ga aikin? Malamin da ke riƙe da rukuni talatin ba zai iya bin kowa ɗakin kwana ko ƙauye ba. Waɗanda suka gani su ne 'yan rukunin kansu.

Yadda ake lissafin

Wannan tunani ba sabo ba ne. A 1990 wasu malamai biyu a birnin Edinburgh, Goldfinch da Raeside, sun wallafa hanyar da suka bi wajen raba makin rukuni bisa shaidar ɗalibai. Jami'ar Loughborough ta Ingila ta gina manhajar WebPA a kan irin wannan lissafi, a Amurka kuma akwai CATME, a Ostiraliya akwai SPARK. Sunayen sun bambanta, ƙashin bayan ɗaya ne: a fitar wa kowane ɗalibi da wata lamba da ke nuna ko ya yi fiye da kasonsa ko ƙasa da shi, sai a gyara makinsa da ita.

Bari in kawo misali na ƙirƙira, domin a ga yadda abin yake aiki. A ce ɗalibai biyar an ba su aikin ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa a wasu ƙauyukan Ajingi da Gaya, su gano masu aiki da waɗanda suka lalace, su rubuta rahoto. Mu kira su da aikin da kowa ya yi. Akwai Jagora, mai haɗa taro da raba aiki. Akwai 'Yar Fili, wadda ta je ƙauyukan ta cika takardun. Akwai Marubuciya, wadda ta tsara rahoton. Akwai Mai Kuɗi, wanda ya biya kuɗin bugu da ɗaurin littafi, ya kuma zo wasu tarukan. Sai Baƙo, wanda ya bayyana a makon ƙarshe.

Malami ya karanta rahoton ya ba shi maki 60 cikin 100. A tsohon tsari, kowa 60.

A sabon tsari, malami zai ba kowa takarda ya ce: ga maki 100, raba wa abokanka huɗu gwargwadon aikin da kowa ya yi, ban da kanka. Idan duk sun yi daidai, 25 za ka ba kowa. A ce ga abin da suka rubuta:

Jagora ya ba 'Yar Fili 35, Marubuciya 30, Mai Kuɗi 25, Baƙo 10.

'Yar Fili ta ba Jagora 35, Marubuciya 30, Mai Kuɗi 20, Baƙo 15.

Marubuciya ta ba Jagora 30, 'Yar Fili 35, Mai Kuɗi 20, Baƙo 15.

Mai Kuɗi ya ba Jagora 30, 'Yar Fili 30, Marubuciya 25, Baƙo 15.

Baƙo, da yake bai san wanda ya yi me ba, ya ba kowa 25.

Yanzu sai malami ya tara abin da aka ba kowane ɗaya. 'Yar Fili ta samu 125, Jagora 120, Marubuciya 110, Mai Kuɗi 90, Baƙo 55. Jimla 500, wato 100 sau biyar. Wannan ita ce hanyar gane ba a yi kuskuren tari ba.

Ma'anar lambobin a fili take. Wanda ya samu 100 ya yi kasonsa cif. 'Yar Fili mai 125 ta yi kasonta da ƙarin kwata. Baƙo mai 55 bai wuce rabin nasa da yawa ba.

Dalilin da ya sa ake cewa a raba 100, ba a ce a ba kowa maki yadda aka ga dama ba, shi ne mutane sun bambanta wajen hannu. Wani ko aikin banza ya gani tara cikin goma zai bayar, wani kuma ko ka yi ƙoƙari biyar ce iyakarsa. Idan kowa 100 ce a hannunsa, muryar mai kyauta ba za ta danne ta mai rowa ba. Kuma ba za ka iya ɗaga wani ba sai ka rage wa wani, saboda haka dole ka yi tunani. WebPA tana yin wannan daidaitawar ne da kanta, bayan ɗalibai sun ba juna maki.

Me ya sa rabin maki kawai

Saura a haɗa lambar da makin rahoto. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka 60 ɗin gaba ɗaya da lambar kowa. Da an yi haka, 'Yar Fili za ta samu 75, Jagora 72, Marubuciya 66, Mai Kuɗi 54, Baƙo 33. A ma'aunin da kwalejojin kimiyya da fasaha ke bi ƙarƙashin hukumar NBTE, 75 ta kai A, ƙasa da 40 kuma faɗuwa ce. Ke nan takardu huɗu na ɗalibai sun kayar da mutum a kwas, ba tare da malami ya ce uffan ba. Wannan iko ya yi wa ɗalibi yawa.

Shi ya sa na fi son a raba makin gida biyu. Rabin farko, 30, na kowa ne, ba a taɓa shi, domin rahoton na rukuni ne. Rabin na biyu, 30, shi ake ninkawa da lambar mutum. 'Yar Fili: 30 sau 1.25 ya ba da 37.5, a haɗa da 30 ɗin farko, ya zama 67.5. Haka za a yi wa sauran. Jagora 66, Marubuciya 63, Mai Kuɗi 57, Baƙo 46.5.

Duba abin da ya faru. A da duk su biyar BC za su samu. Yanzu biyu sun hau B, ɗaya ta tsaya a BC, ɗaya ya sauka C, Baƙo ya sauka D. Idan ka tara makin biyar ɗin 300 za ka samu, daidai da 60 sau biyar. Malami bai ƙara maki daga aljihunsa ba, bai kuma ƙwace ba. Abin da rukunin ya noma ne aka raba bisa gumi.

Malamin da ke da Excel ko Google Sheets a waya ko kwamfuta, layi ɗaya ya ishe shi. Idan makin rahoto yana gidan B2, jimlar ɗalibin kuma tana C2:

```
=B2*(0.5+0.5*C2/100)
```

Sai ya ja layin ƙasa ga dukkan ajin. Wanda yake ganin rabi ya yi yawa a karon farko, yana iya farawa da kashi 30 cikin 100, ya bar 70 ga kowa. Abin da bai dace ba shi ne a zaɓi kason bayan an ga sakamako. A faɗe shi tun makon farko, a rubuce.

Akwai ƙananan ƙa'idoji uku da ke hana lissafin karkacewa. Na farko, wanda ya ƙi mayar da takardarsa a ɗauka ya ba kowa 25, sannan a rage masa wani maki da aka sanar tun farko, in ba haka ba jimlar ba za ta kai 500 ba, kuma shi zai ci riba a kan sauran. Na biyu, a sa rufi. Idan rahoto ya ci 85 kuma wani ya tara 140, lissafin zai ba shi 102, abin da ba ya yiwuwa. Manhajar CATME ma ba ta barin lambar ɗagawa ta wuce 1.05. A ganina rufin 130 ya isa a irin tsarin da na kawo. Na uku, duk wanda ya faɗa tsakanin 95 da 105 a ɗauke shi 100, domin wannan ɗan bambancin ba shaida ba ce ta komai.

Inda abin yake lalacewa

Masu adawa da wannan tsari suna da hujja, kuma mafi ƙarfinta ita ce haɗin baki. Mu koma kan misalinmu. A ce Jagora da Mai Kuɗi da Baƙo 'yan gari ɗaya ne, ɗaki ɗaya suke kwana, kuma 'Yar Fili ta ɓata musu rai saboda ta cika matsa musu. Sai suka shirya: kowannensu ya ba abokansa biyu 35, ya ba Marubuciya 20, ya ba 'Yar Fili 10.

'Yar Fili za ta samu 10 sau uku, da 35 na Marubuciya, jimla 65. Makinta ya faɗo daga 67.5 zuwa 49.5. Baƙo kuwa ya samu 35 sau biyu da 15 sau biyu, jimla 100, ya koma 60 kamar wanda ya yi aiki. Wadda ta sha ranar ƙauyuka ta rasa maki 18, ɗan kallo ya fi ta. Wannan ya fi tsohon tsarin zalunci, kuma duk malamin da zai tara lambobi ya rufe ido gara kada ya fara.

Amma haɗin baki yana barin sawu. Takardu uku sun zo da lambobi iri ɗaya sak, abin da ba kasafai yake faruwa ba idan kowa ya yi tunaninsa. Mutum ɗaya ta samu 35 a wajen wani, 10 a wajen wasu, tazarar da ta yi yawa ga mutanen da suka ga aiki ɗaya. Sannan rukunin ya rabu biyu, kowane ɓangare yana ɗaga nasa. Malamin da ya dubi takardun biyar na minti biyu zai gani.

Saboda haka nake ba da shawarar ƙa'ida guda mai tsauri: duk wanda jimlarsa ta gaza 70, kada a rage masa maki sai malami ya kira shi. A misalin farko Baƙo mai 55 za a kira. A na biyu 'Yar Fili mai 65 za a kira. Tambaya uku ta isa a bambance su. Famfo nawa kuka samu a lalace? Wane ƙauye ne ya fi wahalar shiga? Me ya sa kuka cire wannan shafi? Wadda ta je fili za ta amsa ba tare da ta buɗe rahoto ba. Wanda bai je ba zai fara duban silin. Daga nan malami na da ikon watsar da takardun da ya ga an shirya. Lambobin ɗalibai shaida ce, hukuncin yana hannun malami.

Matsala ta biyu ta fi kusa da halinmu, wato kara. Bahaushe ba ya son ya zama sanadin faɗuwar wani, balle ɗan unguwarsu da za su haɗu a masallaci da wurin ɗaurin aure. Ɗalibi daga Ajingi ya san in ya rage wa ɗan garinsu maki aka ji, maganar sai ta kai gida. Saboda haka da yawa za su rubuta 25, 25, 25, 25 su huta.

Idan haka ta faru, ba a yi asarar komai ba, kowa ya koma 60 kamar da. Sai dai ba a ci ribar komai ba. Abin da ke rage kara shi ne sirri na gaske. Kada a ba shugaban rukuni ko wakilin aji ya tattara takardun. A cika su a aji, lokaci ɗaya, an raba 'yan rukuni wuri daban-daban kamar ranar jarrabawa, a miƙa wa malami hannu da hannu. Idan ta Google Forms za a yi, a buɗe a aji a rufe a aji, domin in aka bar shi kwana uku a ɗaki ɗaya za a cika shi, da waya ɗaya. Kuma ɗalibi jimlarsa kawai za a gaya masa, ban da wanda ya ba shi nawa. A rukunin mutum uku wannan sirrin ba ya riƙuwa, da ka ga jimla ka san wanda ya yi maka. Shi ya sa tsarin ya fi dacewa da mutum huɗu zuwa shida.

Sannan a sa kowa ya rubuta dalili, ko layi ɗaya ne, a gaban kowace lamba. "Ta je ƙauyuka shida, ta cika takardu" dalili ne. "Yana da kirki" ba dalili ba ne. Mai son zalunci yana jin nauyin rubuta ƙarya da hannunsa fiye da rubuta lamba, kuma duk mun san matsayin shaidar zur tun muna makarantar allo.

Mene ne aiki?

Ga wata tambaya da lissafi ba zai amsa ba. Mai Kuɗi ya biya bugu da ɗaurin littafi, shin wannan gudummawa ce? Ga rukunin, tabbas ya sauke musu nauyi. Amma maki shaida ce ta ilimin da mutum ya samu, kuma in aka bar kuɗi ya shiga ma'auni, ɗan mai hali ya sayi B ke nan ta bayan gida. A raba kuɗin aiki daidai, ko a taimaki wanda ba shi da shi don Allah, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa kuɗi ba ya cikin abin da ake aunawa.

Haka batun halartar taro. Matasan Gaya da Ajingi suna karatu a Wudil, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote take, suna zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutse, suna shiga kwalejojin cikin birnin Kano. Ba kowa ne ke kwana kusa da makaranta ba. Akwai mai jeka-ka-dawo da kuɗin mota ke hana shi zuwa kullum. Akwai matar aure da ba za ta zauna taron bayan isha'i ba. Akwai wanda da damina ta faɗi sai ya koma gona ƙarshen mako. Idan ma'aunin shi ne wa aka fi gani, waɗannan za su sha ƙasa ko da sun yi aikinsu, mai surutu a zauren WhatsApp kuma ya haye.

Maganin shi ne a yarda da ma'auni tun makon farko, kuma ya zama na abin da ake iya nunawa. Uku sun isa. Shin ya kawo aikin da aka ba shi? Ya kawo shi a kan lokaci? Abin da ya kawo ya shiga rahoton, ko sai da wani ya sake yi? Da wannan, matar da ta turo babinta cikakke daga gida ta fi wanda ya zo kowane taro ya zauna yana danna waya.

A haɗa da takarda guda da rukunin zai riƙa cikawa duk mako: kwanan wata, aikin da aka raba, wanda aka ba, ranar da ya kawo, sa hannun kowa. Ranar da aka samu gardama, ita malami zai buɗe.

Abu na ƙarshe, a yi rabon sau biyu. Na farko a tsakiyar zangon karatu, ba maki a ciki, gargaɗi ne kawai. Baƙo ya ga 55 a mako na shida, yana da sauran makonni ya gyara. Idan kuma rashin lafiya ce ko wata matsalar gida ta ɓoye shi, a lokacin za a sani, ba bayan an liƙa sakamako ba. Na biyu a yi shi bayan an miƙa rahoto amma kafin malami ya faɗi makinsa. In ɗalibai suka riga suka san 60 ce, lissafin wanda ke bakin faɗuwa za su yi su cece shi, ba shaidar aiki za su bayar ba.

Kuɗinsa da ribarsa

Wani malami zai ce, ɗalibai ɗari biyu gare ni, ina na ga lokacin wannan? Tambaya ce ta gaskiya. Ɗalibai 200 rukuni 40 ne, takardu 200, lambobi 800. Da hannu aikin yini ne. Ta fom na waya da layin lissafin da na kawo, tarin ba ya cin lokaci, abin da ya rage shi ne duba takardun da kiran waɗanda suka gaza 70. Ban ce a yi wannan a kan aikin jinga mai maki biyar ba, wahalar ta fi ribar. A yi shi a inda makin ke iya sauya darajar takardar mutum: aikin kammala karatu da ake yi a rukuni, da ayyukan fili da na ɗakin gwaji masu nauyi.

Wani kuma zai ce, ai aikin rukuni don a koyi haɗin kai ne, wannan kuwa zai sa ɗalibai zargin juna. Ina ganin zargin yana nan tun da, a ciki kawai ake haɗiye shi. Ƙanwata ba ta fito daga rukuninsu da son haɗin kai ba, ta fito da niyyar zama. Kuma rabin makin yana nan na kowa da kowa, saboda haka ɗaga rahoton daga 60 zuwa 70 yana amfanar duk su biyar. Babu wanda zai ci riba da ɓata aikin.

Akwai kuma wanda ba ya cikin aji amma abin ya shafe shi. Wanda ya samu BC a aikin famfunan ba tare da ya taka ƙauye ko ɗaya ba, gobe shi za a iya ɗauka aiki a sashen ruwa na ƙaramar hukuma, takardarsa tana cewa ya iya. Mutanen ƙauyen da famfonsu ya lalace su za su biya kuɗin wannan makin.

Kirana ga shugabannin sassa da malamai shi ne a gwada a kwas ɗaya, zango ɗaya. A rubuta ƙa'idar a shafi guda a raba a makon farko: kason da za a gyara, ma'auni uku, ranar rabon gargaɗi, ranar rabon ƙarshe, da hakkin duk wanda ya gaza 70 na a saurare shi. Ɗalibai kuma ba sai sun jira ba. Ko malami bai nema ba, ku buɗe takardar mako tun ranar da aka haɗa ku, kowa ya sa hannu a kan abin da ya ɗauka.

Na gaya wa ƙanwata haka. Ta ce, "To Yaya, in malamin ya ƙi dubawa fa?" Na ce ta ajiye takardar duk da haka. Wanda ya san an rubuta sunansa a gaban babi na uku da kwanan wata, da wuya ya kashe wayarsa mako huɗu.